Jadawalin da Yaya Ba Ta Sa wa Kore Ba

Shekarun da Yaya ta yi a cibiyar nan sun isa a haifi yaro ya shiga sakandare, amma ranar da sabon mai gadi ya buɗe mata ƙofa ya ce, "Sannu da zuwa, yayar Dakta," sai ta ji kamar baƙuwa ce da ta zo neman wani. Ta wuce ciki. A da Auta ce ake kira ƙanwar Koren Biro, laƙabin da aka sa wa Yaya a cibiyar, lokacin da take zuwa hutu ta zauna a gefen teburin Yaya tana cinye mata biskit. Yanzu Auta ta dawo daga karatu da digirin dakta, an ba ta ofis mai taga biyu da labule, ita kuwa Yaya tana nan inda take, kusa da firinta, inda duk wanda takarda ta maƙale masa sai ya juyo ya dube ta kamar ita ta haifi na'urar.

Cibiyar ba babba ba ce. Aikinta binciken ajiyar amfanin gona: yadda za a hana ƙwari da danshi cinye abin da manomi ya sha wahala ya noma. Ofisoshi a gaba, ɗakin gwaji a baya, sai wani sito da warin masara ba ya barinsa. Kuɗin aiki daga masu tallafi yake zuwa, su kuma masu tallafi ba sa sakin kaso na biyu sai sun ga rahoton kaso na farko sun gamsu. Shi ya sa ake da wata al'ada tun zamanin tsohon darakta, cewa duk rahoton da zai fita sai an buga shi a takarda an kai wa Yaya. Ta duba kowane hoto da bayanin da ke ƙarƙashinsa, kowane jadawali da kansa da ma'auninsa, ta gwada su da abin da rubutun ya faɗa. Wanda ya yi daidai, ko wanda ta rubuta gyaransa a gefe, sai ta sa masa 'yar alama da koren biro a kusurwar ƙasa. Ja na Darakta ne, baƙi na kowa da kowa, kore nata ne ita kaɗai. Shafin da ya sami kore ba wanda ke sake kallonsa, kuma ba a taɓa yin da-na-sani ba.

Rahoton da ya iso teburinta a wannan karon na Auta ne. Ita da kanta ta kawo shi, tana ƙamshin wani turare da Yaya ba ta san sunansa ba kuma ba za ta tambaya ba. Ta ajiye shi da hannu biyu, ta ce a gabatar da shi ga Darakta ƙarshen mako, idan ya wuce a tura. Ta ƙara da cewa ta san an takura Yaya, ta yi haƙuri. Wannan ladabin shi ya fi ba Yaya haushi. Da yarinyar tana ɗaga kai, da an sami abin kamawa.

Aikin kuwa a kan buhun da ba ya shan iska ne, mai leda biyu a ciki, wanda idan an ɗaure bakinsa ƙwarin da ke cikin masara sai su shaƙe su mutu ba tare da an zuba magani ba. Yaya ce ta fara kawo maganar buhun nan a cibiyar, shekarun baya, a takarda mai shafi huɗu. Aka karanta, aka ce ta yi ƙoƙari, aka sa a durowa. Auta ta zo ta faɗi magana ɗaya da manyan kalmomi da hotuna masu launi, sai ga tallafi har da mota. Auta ba ta taɓa ɓoye cewa daga wurin yayarta ta ji zancen ba, ko'ina ta je sai ta faɗa. Mutane su gyaɗa kai su ce Allah sarki, su ci gaba da tafa wa Dakta.

Yaya tana da yadda take aikinta, kuma ba ta canza shi don kowa. Daga baya take farawa, daga shafin ƙarshe zuwa na farko, don kada daɗin labarin ya ɗauke mata ido. Takan rufe rubutun da farar takarda ta bar hoton ko jadawalin kaɗai, ta tambayi kanta abin da yake faɗa idan ba wanda ya yi masa bayani. Sai ta rubuta amsar a gefe da fensir, sannan ta buɗe rubutun ta gani ko bakinsu ya zo ɗaya. Lambobi kuwa da rula take bin su, layi bayan layi.

Ba ta yi nisa ba ta fara kamu. An saka sabon hoto a tsakiya an manta ba a gyara lambobi ba, sai rubutun yana cewa a duba Hoto na Bakwai a ga yadda danshi ya sauka, alhali Hoto na Bakwai wasu mata ne suna ɗaure buhu suna dariya. A wani wurin bayanin ƙarƙashin zane ya ce wata shida, amma layin ƙasa na zanen makonni yake ƙirgawa, kuma a mako na ashirin ya tsaya, wata biyar ma bai cika ba. Rubutu ya ce gidaje arba'in da takwas aka bi, jadawali ya tara arba'in da shida, ba ko ɗan bayani a ƙasa da zai ce biyu sun janye. Akwai shafin da aka auna asara da buhu, ba a faɗi ko buhun kilo nawa ba ne, sai ka ce buhunan duniya uwarsu ɗaya. Akwai zanen da aka bambanta layukansa da ja da kore, wanda idan mai karatu ya buga shi a baƙi da fari sai su zama tagwaye.

Kowane kuskure ta kama sai ta ji wani ɗan sanyi a ƙirjinta, irin wanda ba a faɗa wa mutane. To, ga Dakta, ga gidaje biyu sun ɓace mata. Ta rubuta gyaran da kyakkyawan rubutunta, ta sa kore. Amma sanyin ba ya daɗewa, domin gaskiya ita ce rahoton ya yi kyau. Ya yi kyau har ya ba ta haushi. Akwai sakin layin da ta karanta sau biyu, ba don neman kuskure ba, don kawai ita ba za ta iya tsara shi haka ba. Ta ja tsaki, har mai shara da ke wucewa ya ɗauka da shi take.

Da ta koma gida da yamma ta tarar da Mama a falo da maƙwabciya, an baza wani mayafi a kan kujera ana shafa shi. Auta ce ta kawo daga tafiyarta ta ƙarshe. A gidan Yaya Mama take zaune tun da ƙafarta ta fara ciwo. Yaya ce ke kai ta asibiti, ita ke tuna wane magani ne na safe wane ne na bayan abinci, ita ke shan faɗa idan gishiri ya yi kaɗan. Ba wanda ya taɓa baza wannan a kan kujera don maƙwabta su shafa. Maƙwabciya ta ce ai Auta ta fita zakka a zuriya, Mama ta washe baki ta ce tun tana ciki ta san wannan daban ce. Yaya ta wuce kicin ta buɗe famfo da ƙarfi.

Bayan baƙuwa ta tafi Mama ta kira ta, ta ce ta ji takardar Auta tana hannunta.

"Ki duba mata da kyau, Babba. Kada ki bari ta ji kunya a gaban mutane."

"Aikina ke nan, Mama."

"Ai na sani. Ke dama Allah ya yi ki da ido. Ita kuma ya ba ta kai."

Mama yabo ta yi, har ga Allah yabo ta yi, ta raba wa kowa nasa kamar yadda take raba musu nama suna yara. Yaya ta ɗauki kofin shayin da Mama ta gama sha ta kai kicin, ta daɗe tana wanke shi.

Washegari da safe ta iso Jadawali na Shida.

Ta rufe rubutun kamar kullum. Kan jadawalin ya ce: gubar funfuna a cikin masara, miligiram a kowane kilo. A ƙarƙashi, layin sabon buhu, uku, biyar, huɗu, tara. Layin tsohon buhu ya haura talatin. Fensirinta ya tsaya a sama. Wannan guba ce da masara ke yi idan ta yi funfuna, kuma ƙanƙanin abu ne ake nema a cikinta, shi ya sa ake auna ta da maikirogiram. Miligiram ɗaya maikirogiram dubu ne. Ta ɗaga farar takardar. Rubutun ya ce duk samfurin da aka ɗebo daga sabon buhu yana ƙasa da iyakar da aka amince da ita a yarjejeniyar tallafin, maikirogiram ashirin a kowane kilo, a duba Jadawali na Shida. Wanda ya duba kuwa zai ga mafi tsabtar masararsu tana ɗauke da miligiram uku, wato maikirogiram dubu uku, ninkin iyakar sau ɗari da hamsin. Rubutu yana cewa a ci, jadawali yana cewa a haƙa rami a binne.

Ta san yadda aka yi tun kafin ta juya shafi. Jadawali na Biyar na ragowar maganin ƙwari ne, shi kuwa da miligiram ake auna shi, daidai yake. Auta ta kwafi gidan na Biyar ta zuba lambobin na Shida a ciki, ta canza sunan abin da aka auna, ta bar ma'aunin. Jadawali biyu suna jere, kansu iri ɗaya, ido sai ya zame ya wuce. Duk da haka Yaya ba ta yarda da zato ba. Ta tashi ta je ɗakin gwaji ta ce wa mai kula da shi ya nuna mata takardar sakamako ta asali. Maikirogiram ne, baƙi a kan fari. Ya tambaye ta ko akwai matsala, ta ce a'a, ido kawai take wankewa.

Ta dawo ta zauna. Gyaran bai kai aikin numfashi biyu ba, kalma ɗaya a gefe, kibiya, sai kore.

Ba ta rubuta ba.

Kowa a cibiyar ya san wanda ke karanta musu rahoto a wurin masu tallafi. Ba su taɓa ganinsa ba, amma suna kiransa Tsohon Mai Gilashi, saboda an tabbata mai irin wannan hali ba zai rasa tsufa da gilashi ba. Ba ya karanta gabatarwa, ba ya kallon hoton mata masu dariya, jadawali yake fara buɗewa. Shi ne ya taɓa dawo da rahoton sashen iri saboda an haɗa ma'aunin tan da na kilo, da wasiƙa mai layi uku da ta ce idan ba su san da me suka auna ba, shi ma bai san me zai biya ba. Kuɗin ya makara har kaka ta wuce, Darakta ya sauke shugaban sashen, yau mutumin yana can yana kula da sito. Rahoton nan bai bi ta teburin Yaya ba, tana hutun haihuwa, kuma daga shi ne ma aka daina wasa da kore. Idan wannan jadawalin ya isa gaban Tsohon Mai Gilashi, kaso na biyu zai tsaya, kujerar Auta za ta girgiza. Kuma ba a daɗe ba Darakta ya faɗa wa Yaya a kan matakala, kamar da wasa, cewa aikin buhun nan idan ya yi wa Dakta yawa, sai a nemi tsohon hannu ya riƙe.

Ta shiga yi wa kanta lissafi, irin lissafin da mutum ke yi idan ya riga ya san amsar da yake so. Masarar lafiyarta ƙalau, ba wanda zai ci guba, a takarda kawai abin yake. Ba ita ta rubuta miligiram ba. Wadda aka ba kai ai sai ta yi amfani da kan. Manoman da ke jiran buhu kafin girbi suka faɗo mata a rai, ta ture su gefe, ta ce makara ce kawai, ba hana su za a yi ba. Kishi ne, ta san kishi ne, ba ta ma yi ƙoƙarin sa masa wani suna ba. Sau ɗaya tak take so ta ga an kira Auta ofishin Darakta ta fito idonta ja. Sau ɗaya take so Mama ta rasa abin faɗa wa maƙwabciya.

Ta cire murfin koren biro don ta sa alama ta wuce. A nan ne hannun ya ƙi. Ta kai bakin biron kusurwar takardar har ya kusa taɓawa, ta janye. Ta sake kaiwa. Duk shekarun nan ba ta taɓa sa kore a kan abin da ta san ƙarya ne ba, kuma ta gano cewa ko don ta ga bayan wani ba za ta iya ba. Za ta iya yin shiru, amma ba za ta iya sa hannu ba. Sai ta goge ɗan abin da ta fara rubutawa da fensir, ta hure garin roba, ta bar kusurwar fara tas, ta juya shafi. Wa ke ƙirga kore? Sakatariya takan kaɗa shafukan da babban yatsa ta ga launi yana wucewa, ta sa a fayil. Idan abu ya fashe daga baya, Yaya za ta ce a duba, shafin nan ba shi da alamarta, wataƙila shafuka biyu ne suka manne. Har ta ji daɗin wayonta.

Da ta gama ta ɗauki rahoton ta kai ofis mai taga biyu. Auta ta miƙe tsaye ta karɓa, ta fara buɗawa tana dariyar kanta, gidaje biyu da suka ɓace, matan da aka ce su ne danshi. Ta ce wallahi da ba don Yaya ba da ta shiga uku. Sannan ta ɗago.

"Shi ke nan, Yaya? Ba wani abu kuma?"

"Abin da na gani ke nan."

Ta fito. Sanyin na'urar ofishin ya biyo ta har bakin ƙofa, amma bayanta ya jiƙe da gumi.

Kwanakin da suka biyo baya Yaya ba ta ji daɗin da ta sa rai ba. Tana zaune kusa da firinta, duk takardar da ta fito sai ta saci kallonta. Ta gilashin ƙofa tana hango Auta a gaban kwamfuta tana shigar da gyara, shafi bayan shafi. A gida Mama ta tambaya ko an duba, ta ce an duba. Mama ta sa mata albarka doguwa, irin wadda ta daɗe ba ta samu ba, Yaya ta amsa da amin ɗin da bai wuce leɓe ba. Sau biyu ta tashi za ta je ta ce ta tuna wani abu a na Shida. Na farko ta tarar Darakta yana ciki yana dariya da Auta, yana kiranta 'yata, sai ta wuce banɗaki. Na biyu ba ta ma kai rabin hanya ba.

Ranar gabatarwa aka taru a ɗakin taro, tebur dogo, kujerun da ba biyu masu kama da juna, da fankar da ke kaɗa takardu. Auta ta haska rahoton a bango tana bi, Darakta yana gyaɗa kai da jan bironsa a hannu. Yaya tana can ƙarshen tebur, ta ƙura wa kofin ruwanta ido. Jadawali na Huɗu ya wuce. Na Biyar ya wuce. Ta ɗaga kai ba da son ranta ba.

Maikirogiram a kowane kilo. An ma ƙara ɗan layi a ƙasa da ke faɗin iyakar ashirin, don mai karatu ya gwada ba sai ya koma rubutu ba.

Auta ta tsaya a nan ta ce tana so ta faɗi wani abu. Ta bayyana wa taron kuskuren da ta yi, ba ta rage komai ba, ta ce ninki dubu ne, kuma da ya fita da yanzu ana neman wanda zai taya shugaban sashen iri na da zama a sito. Aka yi dariya, shi ma mutumin ya yi ta dole. Darakta ya tambaya ko Koren Biro ce ta kama. Auta ta ce ita ce, amma ta hanyarta. Ta ce tun tana firamare haka Yaya take mata, idan ta kawo aikin gida, lissafin da ya yi daidai a sa masa alama, wanda ya kauce a bar shi fari ba magana, sai ta nemo da kanta. Shi ya sa duk takardar da ta fito daga hannun Yaya, ita kusurwa take fara dubawa. Da ta ga na Shida ba kore, ta san akwai abu a ciki.

Darakta ya ji daɗin labarin ƙwarai. Ya ce wannan ita ce tarbiyya, ya ce sauran su koya. Aka tafa wa Yaya, abin da ba a taɓa yi ba a ɗakin nan. Ita kuwa fuskarta kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta manta, wallahi ta manta da aikin gida, ta manta da yarinyar da ke zama a kan tabarma tana cizon fensir. Ta ƙirga sakatariya, ta ƙirga Darakta, ta ƙirga Tsohon Mai Gilashi, ta bar mutum ɗaya tak a duniya da ta koya wa duba kusurwa. Kuma ko a cikin kunyar, sai da wani abu ya sake cizon ta: dubi yadda yarinyar nan ta fitar da ita fes a gaban mutane, ko murya ba ta rawa. Har a wajen rufa asiri sai ta fi ta iyawa.

Da aka watse Yaya ta koma teburinta. Ba a jima ba Auta ta zo da sabon bugu na shafin, ta ajiye a gabanta. Ba kowa a kusa, firinta ce kawai ke ɗan gurnani.

"Na gyara. A sa mini kore."

Yaya ta ɗauko farar takarda ta rufe rubutun, ta bi lambobin da rula, ta buɗe ta gwada. Daidai. Ta sa alamar, ta fito a karkace. Auta ba ta ɗauki takardar nan da nan ba.

"Abin da na faɗa a ciki gaskiya ne," in ji ta, a hankali. "Amma lokacin can, in kin ƙi sa alama, zama kike yi a gefena har in gano. Ko abinci Mama ta kira ba kya tashi."

Yaya ta gyara zaman rular a kan tebur.

"Na tambaye ki, Yaya. Na ce ba wani abu kuma?"

Akwai maganar shafuka biyu da suka manne, tana nan a shirye a bakin Yaya tun ranar. Ta dubi fuskar ƙanwarta ta ga ba wurin ajiye ta. Ba fushi a fuskar, da ma fushi ne da ya fi sauƙi. Ido ne kawai ya yi ja, jan da Yaya ta yi ta fatan gani, ga shi ta gani, kuma bai yi mata daɗi ko kaɗan ba. Auta ta ɗauki takardar da hannu biyu kamar yadda ta kawo ta, ta ce Mama ta ce a taho mata da man shafawa na ƙafa, ta saya, yana mota, idan an tashi za ta bayar. Ta juya ta tafi.

Darakta ya riga ya sa ja, ba abin da ya rage sai a danna a tura. Sakatariya ta leƙa ofis mai taga biyu ta tambaya ko a tura, ta fito tana cewa Dakta ta ce a ɗan dakata. Yaya ta juya kujerarta kaɗan, yadda za ta hango ta gilashin ƙofa.

Auta ta share teburinta, ta ajiye rahoton gaba ɗaya a gabanta, ta kifa shi ta fara daga shafin ƙarshe. Ta ɗauko farar takarda ta rufe rubutu. Ta ɗauko rula. Shafin da ke gabanta Yaya ta san shi ko daga nesa, jadawalin gidaje ne, da korensa a kusurwa, ɗanye shar. Auta ta dubi alamar, ta ɗora rular a kan layin farko, ta fara bi.

Wani daga sashen iri ya zo ya tsaya a gaban firinta yana bubbuga ta, ya ce yayar Dakta, takarda ta sake maƙalewa. Yaya ta mayar wa biron murfinsa, ta tashi ta buɗe masa gefen na'urar. Da ta waiwaya, Auta ta gama da wannan shafin ta juya na gaba, shi ma mai kore ne.